Yadda Ake Duba Hujjar Jometiri Don Gano Dalilin da Ya Ɓace da Hujja Mai Zagaye

Hujjar jometiri tana iya ƙarewa da magana ta gaskiya alhali hanyar da aka bi zuwa gare ta ba ta da inganci, kuma irin wannan hujjar ce ta fi wuyar kamawa, domin mai dubawa yana kallon zanen, yana ganin kowane layi da aka rubuta ya dace da abin da idonsa ke gani, sai ya wuce. Abin da ake bincika a hujja ba gaskiyar jimlolinta ba ne kawai. Ana bincika ko kowace jimla tana da ikon zama a wurin da aka ajiye ta, wato ko an riga an mallaki abin da ta dogara a kansa kafin a rubuta ta. Za mu bi matakan wannan bincike da misali guda, irin wanda ake yawan samu a takardun ɗalibai.

Ga tambayar. An ba mu siffa mai gefe huɗu, ABCD. Gefen AB da gefen CD tsawonsu ɗaya, kuma suna tafiya daura da juna ba sa haɗuwa komai nisan da aka ja su, abin da ake rubutawa da alamar ∥. Ana so a nuna cewa sauran gefuna biyun, AD da BC, su ma haka suke. Wani ya ja layi daga A zuwa C, ya raba siffar zuwa alwatika biyu, ya rubuta:

```
1. AB = CD          an bayar
2. AC = CA          gefe ɗaya ne
3. ∠BAC = ∠DCA      kusurwoyin Z
4. ∠BCA = ∠DAC      kusurwoyin Z
5. ΔABC ≅ ΔCDA      kusurwa-gefe-kusurwa
6. AD ∥ BC
```

Kusurwoyin Z su ne kusurwoyi biyu da ke zaune a lungunan siffar harafin Z, idan layi ɗaya ya ratsa wasu layuka biyu. Alamar ≅ kuwa tana nufin alwatikan biyu daidai suke ta kowace fuska, gefe da gefe, kusurwa da kusurwa. Duk layuka shidan nan gaskiya ne a kan siffar da ake magana, amma hujjar ba ta tsaya ba.

Mataki na farko: raba abin da aka bayar da abin da ake nema

Kafin ka karanta layin farko na hujjar, ka ɗauki wata takarda ka rubuta abubuwa biyu daban. A sama ka sa abin da aka bayar, wato AB = CD da AB ∥ CD. A ƙasa, nesa da su, ka sa abin da ake nema, wato AD ∥ BC, ka kewaye shi da layi. Daga nan har zuwa ƙarshen bincike, abin da ke cikin wannan kewaye haramtacce ne a yi aiki da shi a matsayin dalili.

Ka ƙara da rubuta wasu kamannin da abin da ake nema zai iya zuwa da su, domin ba kasafai yake shigowa da sunansa ba. A misalinmu, idan wani ya kira siffar da sunan da ake ba mai gefe huɗu wadda kowane gefe nata ke daura da na gabansa, ya riga ya ɗauki AD ∥ BC. Idan ya ce kusurwar A da ta B sun haɗu sun ba da digiri 180, nan ma ya ɗauka, domin maganar ɗaya ce da wasu kalmomi. Wanda ya san waɗannan kamanni tun farko zai gane su idan sun bayyana a tsakiyar hujja.

Mataki na biyu: sake zanen da gangan ba daidai ba

Zanen da ya zo da tambaya yawanci an yi shi da kyau, ya riga ya nuna amsar, don haka yana sa ido ya yarda da abin da ba a tabbatar ba. Ka yi naka zanen, ka sa alama a kan abubuwan da aka bayar kaɗai: ɗan gajeren layi a kan AB da CD don nuna tsawonsu ɗaya, da kibiya a kan kowannensu don nuna suna daura da juna. AD da BC ka bar su babu alama, har ma ka ɗan karkatar da ɗayansu don kada su yi kama da masu tafiya tare. Ƙa'idar ita ce ba za ka ƙara wata alama a zanen ba sai layin hujja ya samar da ita da dalili karɓaɓɓe.

Mataki na uku: nemi cikakken dalili ga kowane layi

Nan ne yawancin aikin yake, kuma ya cancanci a yi shi a natse. Dalilai huɗu ne kawai ake karɓa a hujja: abin da aka bayar a tambaya, ma'anar wata kalma, ginshiƙin da aka yarda da shi ba tare da hujja ba ko ƙa'idar da aka riga aka tabbatar, sai kuma layin da ya gabata a cikin hujjar kanta. "A bayyane yake" ba dalili ba ne, haka ma "kamar yadda zane ya nuna".

Sai dai ambaton sunan ƙa'ida bai isa ba. Kowace ƙa'ida tana da sharaɗi da sakamako, wato "idan kaza ya tabbata, to kaza zai biyo baya", kuma cikakken dalili shi ne wanda ya faɗi ƙa'idar, sannan ya nuna inda aka sami sharaɗinta. Saboda haka a gaban kowane layi ka yi tambayoyi biyu: wace ƙa'ida ce aka yi aiki da ita, kuma a wane layi ne sharaɗinta ya tabbata?

Layi na 1 da na 2 ba su da matsala. Layi na 3 ya ce kusurwoyin Z. Cikakkiyar ƙa'idar ita ce: idan layuka biyu suna daura da juna, wani layi ya ratsa su, to kusurwoyin Z daidai suke. Sharaɗin shi ne layukan biyu su kasance daura da juna, don haka sai a tantance waɗanne layuka ne. Hanya mai sauƙi ita ce ka dubi hannayen kowace kusurwa. Kusurwar BAC hannayenta AB da AC ne, kusurwar DCA kuwa hannayenta CD da CA ne. AC ya fito a duka biyun, shi ne mai ratsawa, abin da ya saura AB da CD. Shin an san AB ∥ CD? An sani, yana cikin abin da aka bayar. Layi na 3 ya tsaya, ko da yake marubucin bai cika dalilinsa ba, kuma ya kamata a ƙara masa "saboda AB ∥ CD".

Yanzu ka yi wa layi na 4 irin wannan tambayar. Kusurwar BCA hannayenta CB da CA, kusurwar DAC hannayenta AD da AC. An cire mai ratsawa, saura BC da AD. Don ƙa'idar ta yi aiki, dole BC da AD su kasance daura da juna. Ka duba zanenka, babu kibiya a kansu. Ka duba takardarka, za ka ga wannan magana ita ce ke cikin kewaye, ita ce abin da ake nema. Layi na 4 ya ari sakamakon ƙarshe ya yi aiki da shi tun kafin a kai gare shi.

Abin lura shi ne yadda gajarta dalili ta ɓoye laifin. Layi na 3 da na 4 suna ɗauke da kalmomi iri ɗaya, kuma da yake na 3 daidai ne, ido yana barin na 4 ya bi bayansa. Da marubucin ya rubuta "saboda AD ∥ BC" a gaban layi na 4, da shi kansa ya tsaya. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa bai kamata a yi sassauci ga dalilin da aka rubuta rabi ba, ko da layin gaskiya ne, domin zagaye, wato yin aiki da abin da ake nema a matsayin dalilinsa, yakan fake ne a wurin da aka bar sharaɗi ba a faɗa ba.

Layi na 5 ya ce kusurwa-gefe-kusurwa, ƙa'idar da ke cewa alwatika biyu daidai suke idan kusurwoyi biyu da gefen da ke tsakaninsu sun zo ɗaya, wato ya dogara ga 3 da 2 da 4. Layi na 6 ba shi da dalili ko kaɗan, sai mai dubawa ya nemo wanda zai iya zama. Daidaiton alwatika biyu shi kaɗai ba ya cewa komai game da layuka masu tafiya daura da juna. Abin da ke ba da hakan shi ne juyin ƙa'idar Z: idan kusurwoyin Z suka zo daidai, to layukan biyu suna daura da juna. Kusurwoyin da ake buƙata kuwa su ne BCA da DAC, wato layi na 4.

Ƙa'ida da juyinta abubuwa biyu ne daban, kuma wajibi ne mai dubawa ya tabbatar da wadda aka yi aiki da ita a kowane wuri. A littafi na farko na aikin masanin lissafin Girka Euclid, wanda aka rubuta wajen shekara 300 kafin miladiyya, juyin shi ne batu na 27, kuma an tabbatar da shi ba tare da ginshiƙi na biyar ba, wanda ya shafi layuka masu tafiya daura da juna. Ɗaya ɓangaren kuwa, wanda ya fara daga layukan ya kai ga kusurwoyin, shi ne batu na 29, kuma a nan ne Euclid ya fara dogara ga wannan ginshiƙi. Nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na huɗu: zana taswirar dogaro

Ka rubuta lambobin layukan a warwatse a kan takarda, ka ja kibiya daga kowane layi zuwa abin da ya dogara a kansa, bisa cikakkun dalilan da ka fitar a mataki na uku, ba bisa abin da marubucin ya rubuta ba.

```
3 → AB ∥ CD (an bayar)
4 → 6
5 → 2, 3, 4
6 → 4
```

Daga nan ka fara daga layin ƙarshe ka bi kibiyoyin baya. A hujja ingantacciya, kowace hanya da ka bi za ta ƙare a kan abin da aka bayar, ko ma'ana, ko ƙa'idar da aka riga aka tabbatar. Idan hanya ta tsaya a kan layin da ba shi da kibiya mai fita, kuma shi ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, to dalili ya ɓace. Idan kuwa hanya ta dawo da kai inda ka taso, to zagaye ne. A nan, daga 6 ka je 4, daga 4 ka koma 6. Kamar mutum biyu ne a gaban alƙali, kowannensu ba shi da mai shaida sai ɗan'uwansa.

A hujjar da aka sa wa lambobi akwai gwaji mai sauri: kowace kibiya dole ta nufi lambar da ta fi ta ƙanƙanta. Kibiyar da ta tashi daga 4 ta nufi 6 ta karya wannan sharaɗi.

Taswirar ta nuna wani abu kuma. Babu kibiya ko ɗaya da ta nufi layi na 1. An rubuta AB = CD, amma ba a yi aiki da shi ba.

Mataki na biyar: cire sharaɗi ɗaya ka sake gwada hujjar

Abin da aka bayar amma ba a taɓa shi ba alama ce mai ƙarfi cewa akwai ɓaraka, ko da yake ba tabbas ba ce, domin wani lokaci tambaya takan zo da bayanin da ya wuce buƙata. Hanyar tantancewa ita ce ka gina siffar da ta cika sauran sharuɗɗa amma ta saɓa wa wanda ba a yi aiki da shi ba, ka karanta hujjar a kanta layi bayan layi. Idan hujjar ba ta buƙatar AB = CD da gaske, to ya kamata ta yi aiki a kan kowace siffa mai gefe huɗu da ke da AB ∥ CD.

Ka ɗauki takarda mai gidaje ka sa waɗannan ɗigogi:

```
A(0,0)  B(6,0)  C(4,3)  D(1,3)
```

AB yana kwance, tsawonsa 6. CD ma yana kwance a sama da shi, tsawonsa 3. Suna daura da juna amma tsawonsu ya bambanta. Layi na 2 gaskiya ne. Layi na 3 ma gaskiya ne, domin idan ka auna BAC da DCA za ka samu kowace kusan digiri 37. Da ka zo layi na 4, kusurwar DAC kusan digiri 35 ce, BCA kuwa kusan digiri 87. A nan hujjar ta karye, a daidai layin da taswira ta nuna. Amfanin wannan gwaji shi ne yana kai yatsanka kan layin da ke da laifi ko da ka kasa gano shi ta hanyar karatu, kuma yana gamsar da marubucin da ke cewa ai abin da ya rubuta gaskiya ne. Awo ba ya tabbatar da ƙa'ida, amma misali ɗaya ya isa ya rushe layin da ba shi da tushe.

Mataki na shida: gyara, sannan ka sake duba gyaran

Gyaran hujjar tamu ba ya buƙatar sabon tunani, sauya tsari kawai yake buƙata. Daidaiton BCA da DAC ya kamata ya fito daga alwatikan, ba ya shiga cikinsu ba.

```
1. AB = CD          an bayar
2. ∠BAC = ∠DCA      Z, saboda AB ∥ CD
3. AC = CA          gefe ɗaya ne
4. ΔABC ≅ ΔCDA      gefe-kusurwa-gefe, 1, 2, 3
5. ∠BCA = ∠DAC      daga 4
6. AD ∥ BC          juyin Z, daga 5
```

A layi na 4 akwai abubuwa biyu da ake dubawa. Na ɗaya, tsarin haruffa: ABC da CDA suna nufin A ta dace da C, B da D, C da A, kuma idan ka bi wannan tsari AB ya faɗa kan CD, kusurwar BCA ta faɗa kan DAC, kamar yadda ake so. Na biyu, kusurwar ta kasance tsakanin gefunan biyu. BAC tana tsakanin AB da AC, DCA tana tsakanin CD da CA, don haka sharaɗin ya cika. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gefe biyu da kusurwar da ba ta tsakaninsu ba sa tabbatar da daidaito. Idan kusurwa digiri 30 ce, gefen da ke jikinta 10, wanda ke fuskantarta 6, alwatika biyu mabambanta ne za su cika wannan bayani, ɗaya gefensa na uku kusan 12, ɗayan kuma kusan 5.3.

Saura abu ɗaya da har gyararriyar hujjar ta karɓo daga zane ba tare da ta faɗa ba. Kusurwoyi biyu ba sa zama na Z sai idan suna ɓangarori daban na layin da ya ratsa, wato sai B da D sun kasance ɗaya a wannan gefen AC, ɗaya a wancan. Gwada waɗannan ɗigogi:

```
A(0,0)  B(4,0)  C(1,3)  D(5,3)
```

AB = CD = 4, kuma suna daura da juna, amma AD da BC sun gitta juna a (2.5, 1.5). B da D suna ɓangare ɗaya na AC, kuma layi na 2 ya faɗi. Abin da ya kare tambayarmu daga wannan shi ne cewa ana nufin siffar da gefunanta ba su gitta juna ba, kuma hujja mai kyau za ta faɗi hakan a jimla ɗaya tun farko. Maganganun "wannan ɗigo yana tsakanin waɗancan", "waɗannan layuka sun haɗu", "wannan layi yana cikin kusurwa", su ne irin dalilan da suka fi ɓacewa, har a manyan ayyuka. A batu na farko na littafin Euclid an zana da'ira biyu aka ɗauka sun haɗu, alhali babu ginshiƙi cikin nasa da ya ba da tabbacin haka, kuma irin waɗannan giɓi ne David Hilbert ya cike da tsarin ginshiƙan da ya wallafa a 1899. A matakin makarantar sakandare ba a neman irin wannan zurfi, amma mai dubawa ya san waɗanne abubuwa ne aka yarda a karanta daga zane, ya kuma gwada ko wani zanen daban zai sauya su.

Zagayen da ba ya cikin takardar

Akwai zagayen da taswirar layuka ba za ta kama ba, domin ya bi ta cikin ƙa'idojin da aka ambata. Kowace kibiya tana nufar baya yadda ya kamata, amma ɗaya daga cikin ƙa'idojin da aka jingina da su an tabbatar da ita ne ta hanyar abin da ake nema yanzu.

Misalin da ya fi bayyana shi ne ƙa'idar alwatika mai gefe biyu daidai: idan AB = AC, to kusurwar B da ta C daidai suke. Hujjar da aka saba gani takan ja layi daga A zuwa tsakiyar BC, ta yi aiki da gefe-gefe-gefe, ko kuma ta raba kusurwar A biyu daidai ta yi aiki da gefe-kusurwa-gefe. A tsarin Euclid duka biyun zagaye ne. Ƙa'idar da ake nema ita ce batu na 5. Batu na 7 ya dogara ga na 5, batu na 8, wanda shi ne gefe-gefe-gefe, ya dogara ga na 7, raba kusurwa biyu a batu na 9 ya dogara ga na 8, samun tsakiyar layi a batu na 10 kuma ya dogara ga na 9. Wanda ya ɗauko 8 ko 9 ko 10 don ya tabbatar da 5 ya zagaya ya dawo.

Amma a littafin da ya ɗauki gefe-gefe-gefe a matsayin ginshiƙi, ko ya yarda tun farko cewa kowace kusurwa tana da awo kuma ana iya raba ta biyu, wannan hujja ɗin ba ta da laifi. Ke nan ba za a iya yanke hukunci a kan irin wannan zagaye ba sai an san tsarin da ake aiki a cikinsa. Abin yi shi ne, ga kowace ƙa'idar da hujja ta ambata, ka buɗe littafin da ake koyarwa da shi ka ga ko ginshiƙi ce ko tabbatacciya, kuma idan tabbatacciya ce, ka ga ko ta zo kafin abin da ake nema ko bayansa. Duk wadda ta zo bayansa, ka bi hujjarta baya har ka tabbata ba ta ratsa ta kansa ba.

Idan kana son hujjar da ta tsira a kowane tsari daga cikin waɗannan, akwai wadda ake dangantawa ga Pappus na Iskandariya. Ana kwatanta alwatikan da kansa, a karanta shi ta hanyoyi biyu, ABC da ACB. AB = AC, kusurwar A ɗaya ce a duka biyun, AC = AB, don haka bisa gefe-kusurwa-gefe ΔABC ≅ ΔACB, kuma kusurwar B ta dace da kusurwar C. Ba a ja wani ƙarin layi ba, saboda haka babu buƙatar tabbatar da samuwarsa, kuma ƙa'idar da aka dogara gare ta ita kaɗai, gefe-kusurwa-gefe, ita ce batu na 4, wanda ya riga na 5 zuwa.